Tsibin takin kashin kaji da garin katako a Kumasi: tambayoyi da amsoshi kan kabon, naitirojin da zafi

Waɗannan tambayoyi ne da masu lambu da masu kiwon kaji na kewayen Kumasi suke yawan yi. Amsoshin sun tsaya a kan tsibi iri ɗaya, wanda kayansa suka fi sauƙin samu a nan: kashin kaji daga gonakin kiwo, garin katako daga masu yanka a Sokoban, da sharar ganye da ɓawo daga Kejetia ko kasuwar Asawase. Adadin da aka kawo na kowane kaya matsakaici ne, domin kashin wannan gona ba ya zama daidai da na waccan.

Daga ina zafin tsibi yake fitowa? Rana ce take dafa shi?

Ba rana ba ce. Tsibin da aka haɗa daidai zai yi zafi ko a ƙarƙashin mangwaro aka tara shi, kuma cikinsa ya fi samansa zafi nesa ba kusa ba. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, yawancinsu bakteriya da fumfuna, suke cin kayan. Suna shaƙar iskar oksijin, suna ƙona kabon ɗin da ke cikin ganye da ɓawo don samun ƙarfi. Idan sukari ne abincin, lamarin haka yake:

```
C6H12O6 + 6 O2 → 6 CO2 + 6 H2O + zafi
```

Abu uku ne ke fita: iskar kabon, ruwa da zafi. Zafin kilo ɗaya na sukari da aka ƙona haka ya isa ya mai da sama da lita 6 na ruwa tururi. Shi ya sa tsibin da yake aiki sosai yake bushewa daga ciki ko ba a ga rana ba, shi ya sa kuma yake raguwa har ya koma kusan rabin girmansa. Abin da ya ragu bai shiga ƙasa ba, sama ya tafi.

Mene ne ma'anar 30 ga 1, kuma me ya sa ba 10 ko 60 ba?

Ana rubuta shi C:N. Yana nufin nauyin kabon idan aka raba shi da nauyin naitirojin a cikin busasshen kaya. Idan tsibi yana da kilo 30 na kabon da kilo 1 na naitirojin, to 30 ga 1 ke nan, kuma shi ne adadin da ake so sabon tsibi ya fara da shi.

Dalilin wannan adadi yana jikin halittun kansu. Jikinsu yana ɗauke da kabon kusan 10 a kan kowane naitirojin 1, na bakteriya ma bai kai haka ba. Amma ba duk kabon da suka ci yake zama jiki ba. Kusan kashi biyu cikin uku suna ƙona shi ya tafi sama, kashi ɗaya ne yake shiga gina sababbin halittu. To idan aka ba su kabon 30, za su ƙona 20, su gina jiki da 10, kuma wannan 10 ɗin naitirojin 1 take bukata. Kabon shi ne tuwon, naitirojin miyar: tuwo ya yi yawa ba ya ciyuwa, miya ta yi yawa sai ta tafi a banza.

Idan tsibi ya tashi a 60 ga 1, naitirojin ba zai ishe su hayayyafa ba. Sai wasu sun mutu sannan wasu su ci abin da suka bari, a yi ta juya ɗan abin da ke akwai har kabon ya ragu. Tsibin zai ruɓe, amma a hankali, ba tare da zafin kirki ba. Idan kuma ya tashi a 10 ko 12 ga 1, naitirojin ya fi ƙarfin abin da za su iya riƙewa, rarar sai ta zama amoniya ta bi iska. Tsakanin 25 da 35 duk ana samun aiki mai kyau, ba sai an dage a kan 30 cif ba.

Wane kaya ne yake ina?

Kashin kaji zalla, wanda ba a gauraya da komai ba, yana kusan 10 ga 1 ko ƙasa da haka. Sharar ganye irin ta kabeji, latas da ruɓaɓɓen tumatir tana tsakanin 12 da 20. Kashin shanu yana wajen 20. Karan masara yana wajen 60, buntun shinkafa ya kan haura 80. Garin katako kuwa yana can nesa, daga 200 zuwa 500 ga 1, gwargwadon itacen.

Akwai abin lura game da kashin kajin da ake sayarwa a buhu. Yawancin gonakin kewayen Kumasi a ƙasa suke kiwo, a kan shimfiɗar garin katako ko ɓarzarsa. Abin da aka kwashe daga irin wannan ɗaki ya riga ya gaurayu, yana iya kaiwa 15 zuwa 20 ga 1. Wanda ya ɗauke shi a matsayin kashi zalla ya ƙara masa katako mai yawa zai tashi da tsibi mai sanyi. A buɗe buhu a duba. Idan ana ganin ɓarzar katako a fili, a rage katakon da za a ƙara da rabi ko fiye.

Idan na haɗa kilo 100 na kashin kaji mai 10 ga 1 da kilo 100 na garin katako mai 400 ga 1, ai 205 zan samu, ko ba haka ba?

A'a, kuma wannan shi ne kuskuren lissafin da ya fi yawa. Ba a haɗa adadin biyu a raba biyu. Ana tara duk kabon wuri ɗaya, a tara duk naitirojin wuri ɗaya, sannan a raba. Kuma kafin komai sai an cire ruwa, domin ruwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

A ce kashin kajin yana da ruwa kashi 40 cikin 100. Busasshensa kilo 60 ke nan. Idan kabon kashi 30 ne, naitirojin kashi 3, to yana ɗauke da kabon kilo 18 da naitirojin kilo 1.8. Garin katakon kuma a ce ruwansa kashi 20 ne, busasshensa kilo 80, rabinsa kabon, wato kilo 40, naitirojin ɗinsa bai wuce kilo 0.1 ba.

```
C = 18 + 40   = 58
N = 1.8 + 0.1 = 1.9
C:N = 58 ÷ 1.9 ≈ 30
```

Wato nauyi ɗaya na kowanne ya kawo 30 ga 1, ba 205 ba. Tun da garin katako bai kai rabin nauyin kashin kaji ba a bokiti, a aikace bokiti ɗaya na kashi zai tafi da bokiti biyu ko ɗan fiye na katako. Sai dai wannan haɗin a bushe yake ƙwarai: ruwan cikinsa lita 60 ne a kilo 200. Kafin ya kai danshin da ake so, kashi 55 cikin 100, sai an zuba masa wajen lita 110.

To idan da sharar kasuwa a ciki fa? A nuna lissafi tun daga farko.

A ɗauki mai lambu da ya samu kilo 100 na kashin kaji zalla da kilo 200 na sharar ganye. Tambayarsa ita ce garin katako nawa zai sa.

Kashin kajin an riga an gani: kabon 18, naitirojin 1.8. Sharar ganye yawancinta ruwa ce, kashi 80 cikin 100, saboda haka kilo 200 ɗin nan busasshensa kilo 40 ne kacal. Da kabon kashi 40 da naitirojin kashi 2.5, yana ba da kabon kilo 16 da naitirojin kilo 1. Biyun a haɗe sun zama kabon 34, naitirojin 2.8, wato wajen 12 ga 1. Idan aka tara su haka nan, cikin kwana biyu maƙwabta za su zo da ƙorafi.

Naitirojin 2.8 yana bukatar kabon 84 don a kai 30 ga 1. Akwai 34, saura 50. Kowane kilo na garin katako yana ba da kabon kilo 0.4, to kilo 125 ke nan. Da yake katakon ma yana kawo ɗan naitirojin nasa, sai a ɗaga zuwa 135.

```
C = 18 + 16 + 54     = 88
N = 1.8 + 1.0 + 0.14 = 2.94
C:N ≈ 30
```

Sai batun ruwa. Kashin kaji ya kawo lita 40, ganye lita 160, katako lita 27. Jimla 227 a cikin kilo 435, wato kashi 52 cikin 100. Ya yi kusa. Lita 30 zuwa 50 za ta ishe shi, kuma kada a zuba duka lokaci ɗaya, domin ruwan ganyen yana kulle a cikinsa, sai ya fara ruɓewa yake sakinsa. Tsibin da ya yi daidai a ranar farko yana iya jiƙewa sharkaf a rana ta huɗu.

Wannan haɗin zai ba da tsibi mai ɗan fiye da mita ɗaya a tsayi, faɗi da tsawo. Shi ne mafi ƙanƙantar da zai riƙe zafi. Idan da hali a ninka shi uku, a yi kunya mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, tsayi kada ya wuce mita ɗaya da rabi. A fara shimfiɗa karan masara ko 'yan rassa a ƙasa, kaurin taƙi ɗaya, don iska ta shiga ta ƙarƙashi. A sassara ganyen da adda, a jiƙa katakon tun kafin a haɗa, domin busasshen garin katako ruwa yana bi ta kansa ne ya wuce. Sannan a gauraya da shebur. Jera kaya hawa-hawa yana taimaka wa awo, amma halittun suna bukatar kashi da katako su taɓa juna.

Lissafi ya nuna 30, amma hanci yana jin amoniya. Ina aka kuskure?

Wataƙila ba a kuskure ba. Lissafin yana ƙirga duk kabon ne, bai damu da wanda ake iya ci yau da wanda sai bayan wata uku ba. Wani kaso na kabon ɗin ganye da ɓawon ayaba sukari ne da sitaci, nan take ake cinye shi. Na katako selulos ne, wato zaren jikin itace, da wani abu mai tauri, liginin, ya lulluɓe. Bakteriya ba sa iya fasa liginin da sauri, sai fumfuna, su ma daga baya. Naitirojin ɗin kashin kaji kuwa a sake yake, yana komawa amoniya cikin 'yan kwanaki. Saboda haka a satin farko tsibin da yake 30 a takarda yana aiki tamkar mai 18 ko 20.

Hanya mafi kyau ita ce a maye gurbin wani ɓangare na katakon da kabon mai saurin ciyuwa: sassararren karan masara, busasshiyar ciyawa, busassun ganyen itace. Suna kama naitirojin tun da wuri, suna kuma buɗe wa iska hanya, abin da garin katako mai laushi ba ya yi. Sannan a rufe saman tsibin da garin katako mai danshi ko tsohon taki, kaurin yatsu huɗu, ya tare amoniyar da ke tasowa. Katako mai fenti, ko na falayi da aka haɗa da gam, ko wanda aka sa wa maganin gara, kada ya shiga tsibi.

Waɗanne matakai zafin yake bi, kuma me ya kamata a gani a kowanne?

Mataki huɗu ne, kodayake suna shiga juna.

Na farko gajere ne, kwana ɗaya zuwa uku. Tsibin yana tashi daga zafin gari, wajen digiri 28, zuwa 40 ko 45. Halittun da suka saba da zafin yau da kullum ne suke cin sukari da sitaci. Suna fitar da asid, saboda haka tsibin yana ɗan yin tsami, pH, ma'aunin da yake sauka idan tsami ya ƙaru, yana iya kaiwa 5 da rabi, ana kuma jin ɗan warin tsami. Wannan ba matsala ba ce muddin ya wuce. Zafin da suka tara da kansu shi ne yake kawar da su.

Na biyu shi ne na zafi sosai, daga digiri 45 zuwa wajen 65. Wasu bakteriya masu jure zafi ne suke karɓar aikin. Suna cinye asid ɗin, suna fasa furotin da mai, suna fara taɓa selulos. Amoniya tana fita, pH yana hawa zuwa 8 ko fiye. A tsibin da aka lissafa a sama, ana sa ran ganin digiri 55 zuwa 65 tsakanin rana ta uku da ta shida. Da sassafe za a ga tururi, kuma idan aka buɗe, wajen taƙi ɗaya daga sama, akan tarar da wani fari-fari mai kama da toka. Ba ƙonewa ba ce, wasu halittu ne masu zare-zare da ke cin kaya masu tauri, su ne kuma suke ba taki ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Idan farin ya yi yawa kuma wurin a bushe yake, ruwa ya yi kaɗan. Da juyawa, wannan mataki yana ɗaukar sati uku zuwa shida.

Na uku sanyaya ne. Abinci mai sauƙi ya ƙare, zafi yana sauka ƙasa da 45, kuma ko an juya ba ya komawa inda yake. Fumfuna suna dawowa daga gefe su shiga katakon. Ƙananan ƙwari suna bayyana.

Na huɗu nuna ne, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. Zafin tsibi ya yi daidai da na gari, ido ba ya ganin wani aiki, amma a lokacin ne wasu bakteriya da ba sa jure zafi suke mai da amoniyar da ta rage zuwa naitiret, wanda shuka take sha ba tare da ya ƙona ta ba. Tsibi mai katako yana bukatar aƙalla wata ɗaya zuwa biyu a nan.

Ba ni da ma'aunin zafi. Yaya zan gane?

Ma'auni mai dogon baki, rabin mita ko fiye, shi ne abin da ya dace. A auna wuri uku a zurfin rabin mita, kowace safiya, a rubuta. Adadin yini ɗaya ba ya faɗin komai, hawa ko saukarsa ne labarin.

In babu, a samu rodi mai tsawon mita ɗaya a soka har tsakiya, a bar shi minti goma, a zaro a taɓa bakinsa. Idan ɗumi ne kawai da hannu yake jin daɗinsa, bai wuce 40 ba. Idan ana iya riƙewa na 'yan daƙiƙoƙi sannan a saki, yana wajen 50 zuwa 55. Idan taɓawa ɗaya ta sa an janye hannu, ya kai 60 ko ya haura. Rodin yana faɗin wani abu kuma: in ya fito a bushe, tsakiyar tsibin tana son ruwa, in ya fito da baƙin laka mai ɗoyi, iska ta ƙare a ciki.

Tsibina ya kai digiri 72. Ai alheri ne?

Ba alheri ba ne. Sama da 65 yawancin halittun da ke aikin sun fara mutuwa, kaɗan ne suke saura, ruɓewa tana raguwa maimakon ta ƙaru. Ga asarar naitirojin. A cikin ruwan tsibi, naitirojin yana zama iri biyu: amoniyam, wanda yake narke a ruwa ba ya tashi, da amoniya, wadda iska ce. Zafi da hawan pH duk suna tura na farko zuwa na biyu. Tsibin kashin kaji da aka bari ya yi ta tafasa yana iya rasa rabin naitirojin ɗinsa, wato abin da aka sayi kashin dominsa. A juya shi, a yayyafa ruwa, a rage tsayinsa.

Wannan dalilin ne ya sa ba a zuba toka ko farar ƙasa a sabon tsibi. Mutane suna yi don kashe wari, amma suna ɗaga pH ne, amoniya ta ƙara samun hanyar fita. Tokar murhu tana da amfani saboda fotash ɗinta, sai dai a jira takin ya nuna tukuna, a sa kaɗan.

Wane zafi ne yake kashe cuta da irin ciyawa?

Digiri 55 shi ne iyakar da aka fi amfani da ita. Dokar hukumar kula da muhalli ta Amurka ta 1993 ta ce kunyar taki da ake juyawa ta zauna a 55 ko sama na kwana 15, a juya ta sau biyar a cikin wannan lokaci. Yawancin irin ciyawa yana mutuwa a wajen 60 cikin 'yan kwanaki. Hikimar juyawa sau biyar ita ce, gefen tsibi ba ya yin zafi. Taƙin farko daga waje yana iya zama a digiri 35 alhali tsakiya tana 62. Idan ba a mai da na waje ciki ba, ƙwayar cuta da ƙwan tsutsar ciki suna nan lafiya a gefe, kuma ranar kwasa za su gauraye da sauran. Ga masu noman latas da kabeji, waɗanda ake ci ɗanye, wannan ba abin wasa ba ne. Lokacin juyi a fara yaye saman da gefe a zuba su a tsakiyar sabon wuri, sannan a rufe su da na ciki.

Yaushe ake juyawa?

A bi zafi, kada a bi kalanda. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100. A tsakiyar tsibi mai zafi yana sauka cikin sa'o'i kaɗan, kuma idan ya yi ƙasa da kashi 5, halittun da ba sa bukatar iska suna karɓe wurin. Alamar ita ce zafi ya kai ƙololuwa ya fara sauka kwana biyu a jere. A tsibin misalinmu hakan yakan faɗo wajen rana ta biyar zuwa ta bakwai. Bayan juyi zafi zai faɗi, ya sake hawa cikin kwana ɗaya ko biyu. A sati biyu ko uku na farko ana juyi duk kwana uku zuwa huɗu, daga nan sati-sati, har ranar da aka juya tsibi mai isasshen danshi ya ƙi hawa. Juyin kullum wahala ce kawai, yana zubar da zafi da ruwa da amoniya.

A kowane juyi a gwada danshi. A damƙi kaya daga ciki a matse da ƙarfi. Idan ɗigo ɗaya ko biyu suka fito tsakanin yatsu, dunƙulen kuma ya tsaya da aka buɗe hannu, daidai ne. Idan ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa. Idan ya warwatse, ya yi kaɗan.

Kwana biyar, babu zafi. Me ya faru?

Hanci da hannu za su raba gardama. Idan a bushe yake kuma ba wari, ruwa ne babu: ƙasa da kashi 40 halittun suna tsayawa. Gara da tururuwa a cikin tsibi ma alamar bushewa ce. A baje, a jiƙa, a sake tarawa.

Idan da danshi, ba wari, kuma katakon yana nan da launinsa, naitirojin ne ya gaza. A ƙara kashin kaji ko ɗanyen ganye. Wanda zai yi amfani da yuriya ya sani kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, kilo ɗaya ya ishi wajen kilo 35 na garin katako. A narkar da ita a ruwa a yayyafa kaɗan-kaɗan, in aka watsa ta gaba ɗaya amoniya za ta zama ta tafi.

Idan a jiƙe yake jagab, yana santsi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai ko tsami mai hawa kai, ruwa ya cike gurbin iska. Warin ƙwan iskar sulfa ce da halittun da ba sa shaƙar oksijin suke fitarwa, kuma aikinsu ba ya ba da zafin kirki. A buɗe, a gauraya busasshen kara, a tara shi sako-sako, kada a taka. Idan kuwa duk waɗannan lafiya suke amma ɗumin a tsakiya kaɗai yake, tsibin ne ya yi ƙanƙanta.

Damina da hunturu suna canza wani abu?

Sosai. Kumasi tana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan dare ɗaya yana iya kashe tsibi mai digiri 60, kuma baƙin ruwan da ke malala daga gindinsa fotash ne da naitirojin suke tafiya. A tara a kan tudu, a ja 'yar magudana kewaye, a yi masa rumfa. In tamfol ne, a ɗora shi a kan sanduna, kada ya kwanta a jikin tsibin ya toshe iska. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, matsalar bushewa ce: a rufe da ganyen ayaba ko buhunan algarara, a shirya ruwa a kowane juyi.

Yaya zan san ya nuna, kuma me zai faru idan na kai gona da wuri?

Tsibin da ya fara da kabon kilo 88, idan an ƙona kusan rabi, an kuma yi asarar ɗan naitirojin, zai ƙare a ƙasa da 20 ga 1. A nan ake so ya tsaya. Launinsa ya yi duhu, yana marmashewa, ba a gane ganye ko kashi, ba warin amoniya. 'Yar ɓarzar katako da ta yi baƙi ba laifi, amma wadda take nan fara tana nuna saura aiki. Sanyi kaɗai ba shaida ba ce, domin tsibin da ya bushe ma yana sanyi. A jiƙa bokiti guda a ajiye kwana uku, in ya ɗumama bai gama ba.

Ɗanyen taki yana cutar shuka ta hanya biyu. Amoniya da asid suna ƙona saiwar da ke fitowa. Sannan halittun ƙasa, da suka samu katakon da bai ruɓe ba, suna jan naitirojin ɗin ƙasa don su ci shi, su riga shuka. Sai a ga an zuba taki amma latas ya yi rawaya daga ganyen ƙasa, ya ƙi girma sati da sati.

Gwajin da ya fi tabbas ba ya cin kuɗi. A samu gwangwani biyu masu huji. Ɗaya a cika da ƙasar lambu zalla, ɗaya da rabin ƙasa rabin taki. A shuka irin latas ko tumatir guda 20 a kowanne, a ba su ruwa daidai, a ƙirga bayan kwana bakwai zuwa goma. Idan na takin ya tsiro aƙalla takwas cikin kowane goma na wancan, kuma da aka tumɓuke saiwar fara ce doguwa, ana iya kai shi kunya. Idan tsiron ya yi kaɗan ko bakin saiwar ya yi ja, a jiƙa tsibin, a juya sau ɗaya, a ƙara masa sati uku sannan a sake gwadawa.